Kafin a zaɓi shugaba da ma'aji, a fara rubuta yadda za a raba ruwa da kuɗi

Da zarar damina ta ɗauke, aka shiga shirin noman rani a yankin Ikara da Maƙarfi da Kudan, sai ka ga ƙungiyoyi suna ta tsirowa. Wasu don su haɗa kuɗi su sayi injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana, wasu don su riƙa cika mota guda ta tumatir zuwa kasuwar Mile 12 a Legas, wasu kuma don an ce musu tallafi ba ya zuwa hannun mutum ɗaya. Zaman farko kuwa kusan kala ɗaya ne a ko'ina: a buɗe da addu'a, a zaɓi shugaba da mataimaki da sakatare da ma'aji, a laƙaba wa ƙungiya suna mai daɗi, a ɗauki hoto, a watse.

A ganina wannan zaman an yi asararsa. Ranar farko ita ce ranar da babu ko sisi a asusu, babu wanda ya ci bashin wani, babu wanda ke jin an zalunce shi. Ita kaɗai ce ranar da za a iya tambayar abin da za a yi wa wanda ya ci amana ba tare da wani ya tsargu ba. Idan aka bari sai kuɗi ya shigo, duk dokar da aka kawo za a ce da wane ake. Saboda haka aikin zaman farko shi ne a fito da takarda guda, shafi ɗaya ko biyu, da ta fayyace abin da aka taru a kai, da abin da kowa zai zuba, da abin da zai samu, da wanda ke yanke hukunci, da yadda ake fita. Muƙamai su biyo baya.

Ba sabon abu ba ne a wurinmu. Babu matar da za ta shiga adashi ba ta san nawa ne zubi ba, da ranar zubi, da ranar kwasarta, da abin da uwar adashi za ta ɗauka. Abin mamaki shi ne mazan da ke ganin adashi ƙaramin abu ne su ne za su haɗa dubban ɗaruruwa a kan kalmar "ai mu 'yan uwa ne".

Kuma haɗarin ba a kan kuɗin da aka zuba kaɗai ya tsaya ba. Shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya, wanda aka fi sani da Anchor Borrowers, da aka ƙaddamar a Kebbi a watan Nuwamba na 2015, ya nemi ƙananan manoma su shiga rukuni na mutum 5 zuwa 20, kuma su tsaya wa juna. Ma'anar tsayawar ita ce idan ɗaya ya gaza biya, sauran ma za a waiwaye su. Wanda ya sa hannu a irin wannan takarda bai zauna da abokan rukuninsa sun yi maganar wanda ya ƙi biya ba, ya ɗauki nauyin mutanen da bai san halinsu a kan kuɗi ba.

Bari mu ɗauki misali, da alƙaluman da na sa don a fahimta kawai. A ce manoma 12 a wata fadama kusa da Hunƙuyi sun yanke shawarar sayen famfo mai aiki da hasken rana da bututunsa, kuɗinsa naira 700,000. Abin da zai fara zuwa bakin kowa shi ne a raba kuɗin gida 12 daidai wa daida. A nan rigimar watan Fabrairu take farawa, domin biyu daga cikinsu gonarsu ta ninka ta sauran. Idan sun biya daidai da kowa amma suna shan ruwa ninki biyu, sauran goman za su ji an cuce su. Idan kuma aka ba su ruwa daidai da kowa, rabin tumatirinsu zai bushe.

Mafita ita ce a raba aikin kaso-kaso gwargwadon fili. Mutum goma su riƙe kaso ɗai-ɗai, mutum biyu su riƙe bibbiyu, ya zama kaso 14, kowane kaso naira 50,000. Sai a juya ga ruwan. A ce famfon yana ba da ruwa mai ƙarfi na awa 6 a rana, wato awa 42 a mako. Kowane kaso ya samu awa 3 ke nan a mako, masu kaso biyu su samu awa 6. Amma ba a gama ba, domin duk wanda ya taɓa aiki da irin wannan famfo ya san awar tsakar rana ba ɗaya take da ta hantsi ko ta la'asar ba, musamman idan hazo ya sauko. To a rubuta cewa jerin yana juyawa kowane mako, wanda ya sha tsakar rana wannan makon ya koma safiya a mako mai zuwa. A kuma rubuta abin da zai faru idan famfo ya lalace ranar wani: shin ranarsa ta wuce ke nan, ko jerin duka zai ja baya da kwana ɗaya? Wannan layi guda ɗaya ya fi sunan ƙungiyar amfani nesa ba kusa ba.

Kuɗi da ruwa su bi kaso, amma ƙuri'a ta bi mutum. Mai kaso biyu ƙuri'arsa ɗaya ce kamar ta kowa, in ba haka ba nan da shekara biyu famfon ya zama na mai ƙarfi, sauran sun zama 'yan haya.

Daga nan sai maganar wanda ke yanke hukunci, kuma a nan ne ƙungiyoyi da yawa ke yin ɗaya daga cikin kuskure biyu: ko su ce komai sai an taru, ko su ce komai na hannun shugaba. Tumatir ba ya jiran taro. Idan dillali ya kira da dare ya ce ga mota, ga farashi, a ba shi amsa kafin asuba, ba za a tara mutum 12 ba. Sai a ware mutum uku a ba su ikon sayarwa, tare da farashin da ba za su sauka ƙasa da shi ba sai sun tuntuɓi sauran, kuma a riƙa sabunta farashin kowane mako tunda kasuwar tumatir hawa da sauka take. Kashe kuɗi ma haka. Ma'aji ya iya fitar da abin da bai wuce naira 20,000 ba don ƙaramin gyara, ya kawo rasit ko shaidar tura kuɗi. Abin da ya haura haka sai da hannun mutum biyu. Cin bashi da sunan ƙungiya, ko sayar da kayanta, sai mutum 8 cikin 12 sun yarda a zaune. Kuɗin kuwa kada ya kwana a asusun wayar mutum ɗaya tare da kuɗin cefanen gidansa, ko da shi ne mafi gaskiya a garin.

Yankin nan yana da tarihin da ya kamata ya sa a rubuta wani sashe da ake yawan tsallakewa, wato abin da za a yi idan shekara ta ɓaci. A 2016 tsutsar tumatir da manoma ke kira sharon ta yi ɓarnar da ta sa gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. Kamfanin sarrafa tumatir na Ikara kuma, wanda aka kafa tun 1981, ya shafe shekaru a rufe kafin a sake farfaɗo da shi a 2014. Wanda ya san waɗannan biyun ba zai gina lissafinsa a kan cewa amfani zai yi kyau kullum, ko mai saye yana nan kullum ba. A rubuta tun yanzu: idan gonar mutum ɗaya ta lalace, za a ɗaga masa kuɗin gyara zuwa kaka ta gaba, ko za a yafe? Idan ta kowa ce ta lalace, daga ina za a biya bashi?

Sai hukunci. Mutanenmu sun fi son su rubuta tara mai tsanani don a ji tsoro, sannan ranar da ƙanin mai unguwa ya karya doka kowa ya sunkuyar da kai. Elinor Ostrom, wadda ta samu kyautar Nobel ta fannin tattalin arziki a 2009 saboda bincikenta a kan yadda jama'a ke tafiyar da abin da suka yi tarayya a kai, irin su ruwan noma da makiyaya, ta lura cewa ƙungiyoyin da suka daɗe suna fara hukunci ne da ɗan kaɗan, ya riƙa ƙaruwa idan an maimaita. A misalinmu, wanda ya ci awar wani karo na farko ya rama masa awar a makon. Karo na biyu ya rama, ya ƙara da naira 2,000. Karo na uku ya rasa ruwan mako guda. Tarar da za a iya karɓa daga hannun dattijo ba tare da an ɓata zumunci ba ita ce za ta yi aiki.

Na san abin da wasu za su ce: rubutu alamar rashin yarda ne, kuma fara tafiya da maganar rabuwa kamar jawo ta ne. Ban yarda ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, kuma muminai aka yi wa umarnin. Akwai kuma abin da yarda ba ta maganinsa. Mutum na iya rasuwa a tsakiyar rani, magada su zo suna tambayar kason mahaifinsu. Wani na iya komawa Zariya da zama ya ce a ba shi dubu hamsin ɗinsa yau. Takardar ta faɗi cewa ba a cire kaso sai bayan an gama kwashe amfani, 'yan ƙungiya ne farkon waɗanda za a yi wa tayi, kuma za a rage wani abu na tsufan inji. A kuma ambaci sunan mai sulhu tun ranar, mutumin da ba shi da kaso kuma ba surukin kowa ba ne.

Ƙorafi na biyu ya fi ƙarfi: an sha rubutawa, ba a bi. Gaskiya ne, kuma galibi dalilin shi ne sakatare ne ya kwafo dokokin wata ƙungiya da Turanci, aka karanta sama-sama, kowa ya ce "mun amince" don kunya. A zaman da Alhaji ya fara magana, yaro ba zai ce "Baba, wannan bai yi mini ba". Shi ya sa dokar farko da ya kamata a tsayar, kafin duk sauran, ita ce ta yadda ake magana: ƙananan shekaru da masu ƙaramin kaso su fara, shugaban zama ya zo ƙarshe. Idan akwai mata a tafiyar da ba za su zauna a taron ba, a aika a ji ta bakinsu kafin a rufe takarda. A rubuta da Hausa, da boko ko ajami, a karanta layi-layi, kowa ya sa hannu ko ya dangwala. Wani ya karanta ta a murya ya tura rukunin WhatsApp don waɗanda ba sa karatu. Wannan takarda ba ta maye gurbin rajistar ƙungiyar gama-kai da hukuma ke nema, amma ita ce za a riƙa ɗaukowa a bakin rijiya.

Gane ko takardar na da rai ba shi da wuya. A duba ranar farko da shugaba ya makara ko ya wuce awarsa: an karɓi tararsa? A duba ko shawarar da aka yanke a taro ita ake aiwatarwa, ko kuwa mutum uku ne ke sake yanke wata a shagon mai shayi bayan an tashi. Idan ma'aji ya yi zama biyu a jere yana cewa ya manta littafi a gida, kada a jira na uku. Tun a zaman farko a sa ranar sake duba dokokin, mako shida bayan an fara ban-ruwa, lokacin da kowa ya ga inda jerin awowin ke matse shi.