Mu Buɗe Kaye: Ina Sefa 44,500 Suka Shiga?

Da yawa daga cikin ƙungiyoyinmu yanzu muna da ɗan shago na haɗin gwiwa, muna saida man gyaɗa, sabulu da turaren wuta, masu saye kuma suna biya ta salula. Kuɗin ba hannunmu suke faɗowa kai tsaye ba. Kamfanin da ke karɓar biyan ne yake tara su, ya cire ladansa, sannan ya zubo mana sauran cikin asusun ƙungiya, tare da takardar bayani. To nan ne rigima take farawa, don abin da ya zubo ba ya taɓa yin daidai da abin da kayenmu ya ce.

Haka ta faru da mu kwanan baya. Ranar taro sakatariya ta karanta cewa daga Litinin zuwa Lahadi an yi cinikin sefa 250,000 ta salula. Ma'ajiya ta duba asusu ta ce abin da ya shigo 205,500 ne. Giɓin 44,500 ke nan. Wuri ya yi tsit, idanu duk suka koma kan ma'ajiya, baiwar Allah da ta shekara biyar tana riƙe mana kuɗi ba a taɓa jin ko dala ta ɓace ba. Sai shugaba ta ce: “Ku dakata ƴaƴana, kada wadda ta ɗauki alhakin ƴar uwarta. A ɗauko kaye, a ɗauko takardar kamfani, mu bi su a hankali.” Ga yadda muka bi.

Mun fara da kwanan wata. Satinmu yana ƙarewa sa'ad da muka rufe shago daren Lahadi, amma kamfani yana da tasa sa'ar rufe lissafi, kuma tana rubuce a saman takardar. Namu ƙarfe shida na yamma yake rufewa. Da muka duba, ciniki biyu na bayan magariba ranar Lahadi, jimillarsu 20,000, ba su cikin takardar wannan sati. Ba ɓacewa suka yi ba, suna hanya, zubi na gaba za su zo. Muka yi musu alama da jan biro, muka cire su. Saura 230,000.

Sai ladan kamfani. Namu yana cire biyu cikin ɗari na kowane biya, wato a jika ɗaya yana ɗaukar sefa 20. Naku yana iya bambanta, ku duba yarjejeniyar da kuka sa wa hannu. Wasu ma suna ƙara wani ɗan tsayayyen kuɗi a kan kowane biya, komai ƙanƙantarsa. In haka ne sai kun ƙirga yawan biyan, ba jimilla kaɗai ba. Biyu cikin ɗari na 230,000 shi ne 4,600. Da muka cire, saura 225,400.

Abu na uku shi ya fi rikita mutane, wato kuɗin da aka maida wa mai saye. Cikin takardar mun ga wani layi na 15,000 da alamar ragi a gabansa, alhali a shafin wannan sati babu cinikin 15,000 ko ɗaya. Sai sakatariya ta tuna: satin da ya wuce wata ta sayi jarkar mai, ta tarar tana yoyo, ta maido ranar Talata, aka maida mata kuɗinta ta salula. Sakatariya ta koma shafin wancan sati ta soke cinikin, a ganinta magana ta ƙare. Amma kamfani ya riga ya zuba mana kuɗin jarkar tun wancan sati, don haka daga zubin wannan sati ya cire abinsa. Ita ta gyara shafin baya, shi kuwa ya taɓa kuɗin yanzu, ga sati biyu duk sun karkace. Kuma ku sani, a yarjejeniyarmu ladan 300 da ya ci a kan jarkar ba ya dawowa ko an fasa ciniki. Wannan asarar shago ce, sai a rubuta ta. Da muka cire 15,000, abin da ya kamata ya shigo ya zama 210,400.

Amma 205,500 ne suka shigo. Har yanzu da sauran 4,900. Wata ta ce a bar shi, ai an samu mafi yawa. Ma'ajiya ta ce: “A'a Yaya, sunana ne a ciki, sai an gano shi.” Gaskiyarta, don ukun farko duk abubuwa ne da aka san da su, wannan ɗan ragowar kuwa shi ne ainihin matsalar.

Ga dabarar da ta fisshe mu. In ragowa ta zo da ɗan guntu haka, ku tambayi kanku: wane cikakken kuɗi ne in an cire masa lada zai ba da wannan? Biyu cikin ɗari na 5,000 shi ne 100, in an cire saura 4,900 cif. Ashe ciniki ɗaya na 5,000 muke nema, wanda kaye ya ce an biya amma kamfani bai gan shi ba. Cinikin 5,000 guda huɗu ne a satin. Kowane biya da ya wuce yana da lambar shaida da ke zuwa cikin saƙo, ita ce kuma a takardar kamfani. Uku muka samu lambarsu, na huɗu babu. Wani yaro ne aka aiko sayen sabulu ranar Alhamis, ya nuna hoton salular uwarsa cewa an tura, mai tsaron shago ta rubuta an biya. Da muka kira uwar ta duba, ashe turawar ba ta wuce ba, kuɗinta na nan cikin asusunta. Ta ba da haƙuri, ta sake turowa nan take.

To ga 44,500 ɗinmu: 20,000 suna hanya, 15,000 an maida wa mai jarka, 5,000 ba a biya ba tun farko, ladan kamfani kuma 4,500 ne, ba 4,600 ba, tunda bai ci komai a kan biyan da bai wuce ba. Ko dala ba ta yi ƙafa ba. Waɗanda suka kalli ma'ajiya suka nemi gafararta.

Tun daga ranar muka sake tsarin kaye. Kowane ciniki na salula sai an rubuta sa'a da lambar shaida, kuma daga saƙon da ya shigo salular shago za a kwafe ta, ba daga hoton mai saye ba. Cinikin hannu yana da shafinsa daban. In an maida kuɗi ba a soke tsohon layi. Sabon layi ake buɗewa a ranar da aka maida, a nuna cinikin da ya shafa. Abin da ke hanya kuwa shi ake fara nema a takarda ta gaba. Namu 20,000 sun iso a matsayin 19,600, kamar yadda muka lissafa.

In ragowa ta ƙi ganuwa bayan kun bi layi-layi, ku tafi ofishin kamfanin ku biyu, da kaye da lambobin shaida a hannu, kada ku bari sati ya hau sati. Allah ya sa albarka cikin asusunmu, sai mun haɗu a fitowa ta gaba.