Buhun albasa goma da takardar shirin darasi: wace manhaja muke bi a ajin firamare?

Tun shekarar 2018 da Ma'aikatar Ilimin Firamare ta Kamaru ta fito da sabuwar manhaja, kusan kowace takardar shirin darasi a Duwala da ɗan labari take farawa. Wani yaro ya je kasuwa, wata uwa ta rasa canji, sai a tambayi yara me ya kamata a yi. Malam ya karanta labarin cikin minti biyu, ya juya ga allo, ya ci gaba da darasinsa kamar yadda aka koya masa shekara ashirin da suka wuce. Sufeto ya zo ya ga labari a saman takarda, ya sa hannu, a ce ana bin APC. (Ba jam'iyyar nan ta Najeriya ba, tsarin koyarwa ne da ke auna abin da yaro zai iya yi da karatunsa.)

Ban ga laifin malamai sosai ba. Manhajar ce ta haɗa hanyoyi uku a tukunya ɗaya, kuma ba a cika zama a fayyace wa malami wacce ke jan ragama a wane lokaci ba.

Ta farko ita ce mai bin fanni. Lissafi daban, Faransanci daban, kimiyya daban, kowanne da jerinsa daga sauƙi zuwa wuya. Wannan ba baƙo ba ne a wurinmu, domin haka karatun zaure yake, ba a kama Risala sai an wuce Ahalari da Ishmawi da Iziyya. Ta biyu mai bin yaro ce, wato a fara daga abin da ya sani da abin da ke jan hankalinsa. Daga nan aka samo jigogi takwas da aka raba shekara a kansu, irin su gida, makaranta, sana'o'i, tafiye-tafiye da lafiya, kowane jigo mako huɗu. Asalin dabarar ta wani likita ce ɗan Beljiyam, Ovide Decroly, tun farkon ƙarnin da ya wuce. Ta uku mai bin matsala ce. A ajiye wa yara wata matsala ta rayuwa, neman mafitarta ya tilasta musu koyon abin da ake so su koya.

A baki duk ukun suna da daɗin ji. Bambancinsu sai an zauna rubuta shiri yake fitowa, don haka bari mu ɗauki darasi ɗaya na ajin CM2, a watan sana'o'i: kuɗin saye, abin da kaya suka tsaya wa mai su, da riba. Alƙaluman da ke tafe misali ne nawa.

Malamin da ke bin fanni shirinsa gajere ne. Minti biyar na bitar ninkawa, sannan ya rubuta ƙa'idoji biyu a allo, `PR = PA + frais` da `B = PV − PR`, wato abin da kaya suka tsaya shi ne kuɗin saye da ɗawainiya, riba kuwa kuɗin sayarwa ne idan an cire wancan. Ya yi misali biyu, ya ba da aiki goma, ya gyara. Cikin minti 45 ya gama, ya kuma san wanda ya ci bakwai da wanda ya ci biyu. Aibin kuwa sananne ne. Yaron da ya ci goma bisa goma, ka sauya masa fasalin tambaya, ka ɓoye kalmar da ke nuna ɗawainiya, sai ya tsaya yana kallonka. Ƙa'ida ya haddace, bai san lokacin da ake ɗauko ta ba.

Mai bin yaro da tambaya yake farawa: wa ke taya babansa ko mamarsa tsaron kaya? A New Bell hannuwa da yawa za su tashi. Yaran nan sun san uwar kuɗi, sun san riba, sun san faɗuwa, wasunsu sun fi malam saurin lissafin canji da ka. A shirin wannan malami, gurbin abin da ɗalibi zai yi ya fi na abin da malami zai faɗa tsawo, kuma dole ya rubuta amsoshin da yake zaton ji, har da na kuskure, da yadda zai bi da kowacce. Aiki ne mai kyau, amma a yi lissafin lokaci. Ajin yara 80, a kasa su rukuni goma na takwas-takwas a kan bencin da ba ya juyuwa. Kowane rukuni ya yi minti uku yana bayani, minti 30 sun tafi, saura 15. A cikin kowane takwas ɗin kuma biyu ne ke aiki, shida na jiran a tashi. Duk malamin da ya riƙe babban aji ya san wannan hoton.

Mai bin matsala, idan da gaske yake, ga irin abin da zai kawo. Wani ɗan kasuwa ya sayo albasa buhu 10 daga Marwa, kowane buhu sefa 20,000. Mota ta ci 3,000 a kan buhu, 'yan dako 500 a kan buhu. Kafin kaya su iso Duwala buhu ɗaya ya ruɓe. An taya masa ragowar 25,000 kowane buhu. Ya sallama ko kada ya sallama?

Yawancin yara za su ce ya sallama mana, ya saya 20,000 ya sayar 25,000, ribar 5,000 sau goma, 50,000 ke nan. Wannan kuskuren shi malami ke jira, kuma a shirinsa ya riga ya rubuta shi. Sai ya tambaya: direba kyauta ya kawo kayan? Daga nan a tara, 200,000 na saye, 30,000 na mota, 5,000 na dako, 235,000. Buhu tara a 25,000 kuwa 225,000 ne. Ashe faɗuwar 10,000 ce. Yanzu ne za a rubuta ƙa'idar a allo, bayan yara sun ga amfaninta da idonsu. Tambaya ta gaba ita ce mafi ƙarancin farashin da zai fitar da shi, sai a raba 235,000 gida tara, a sami 26,111 da ragowar 1, yaro kuma ya gane da kansa cewa ba mai cinikin albasa da irin wannan adadi, sai dai a ce 26,200 ko 26,500. Labarin nan yana iya ratsawa cikin darasin kimiyya, me ya sa albasar da ta zauna lafiya a busasshiyar iskar arewa take ruɓewa a damshin Duwala, ya shiga labarin ƙasa, hanyar Marwa zuwa Garwa zuwa Ngawundare har bakin teku.

Ga ma'aunin da nake ba abokan aiki da ɗalibai masu koyon malanta da muke haɗuwa da su a Ndogbong. Ka rufe labarin da ke saman takardarka da tafin hannu, ka karanta sauran. Idan babu abin da ya canza a darasin, to labarin ado ne, fanni kake bi, kuma gara ka bi shi da kyau ka daina ɓata minti biyar. Matsala ta gaskiya tana da tarkon da yaro zai faɗa, tana neman yanke shawara, kuma ba ta warwaruwa sai da abin da za a koyar a ranar.

To amma kada a ɗauka ina cewa kowane darasi ya zama haka. A nan nake rabuwa da masu ɗokin sabon tsari. Matsalar albasar nan tana buƙatar yaro ya riga ya iya ninka manyan lambobi, ya iya rabawa mai ragowa, ya iya karanta jimla biyar na Faransanci ya riƙe su a ka. Wanda teburin tara bai zauna masa ba, duk ƙarfinsa a kan 9 sau 25 zai ƙare, zancen riba ya wuce shi bai sani ba. Matsala ba ta san jeri ba, abin da take so take kira. Lissafi da koyon karatu kuwa jeri ne, ba a hawa tsani daga matakala ta huɗu. Haka ma jigon wata. Babu dalilin da zai sa a jinkirta rabawa ko a gaggauta ta don kawai an shiga watan tafiye-tafiye. Jigo ya ba mu misalai, amma jerin fanni ya faɗa mana abin da ke biye da wane.

Akwai kuma abin da ya shafi yaranmu kai tsaye. Yaron da Hausa ko Fillanci ake yi a gidansu, da Faransancin titi ya shigo SIL, idan ya faɗi matsalar albasa ba lallai lissafi ne ya kayar da shi ba. Gane hakan ba wuya. Ka ba shi lambobin tsirara, 9 sau 25,000, 235,000 a cire 225,000. In ya yi daidai, ka faɗa masa labarin da baki a harshen gida, ko wani ɗan ajin ya faɗa masa. In ya ce "ai faɗuwa ya yi", to matsalarsa karatu ce, kuma ƙarin aikin lissafi ba zai yi masa maganin komai ba. Wannan shi ne bin yaro da nake ganin zai yiwu a ajin mutum 80, a san inda kowa ya maƙale, ba a yi ta jan benci ana kafa rukuni ba. Malamin allo ma da ke zagaye da yara hamsin kowa a kan allonsa yake biya masa.

Manhajar 2018 ta ba da wurin wannan aiki. A kowane jigo mako uku na koyarwa ne, na huɗu na haɗa abin da aka koya, da gwaji, da gyara. Sai dai makon nan shi ake fara cinyewa. Ruwan sama ya hana zuwa kwana biyu, an yi taro, ana gudun kada jarrabawar CEP ta riski aji ba a gama manhaja ba, sai mako na huɗu ya koma na cike giɓi da rubuta maki.

Ni dai ga yadda nake tsara watana a lissafi. Ranar farko in kawo matsala guda mai nauyi, in bar su su faɗa tarkonta, ba tare da na warware duka ba. Mako uku in koyar a jere, ƙa'ida, misali, aiki mai yawa, ina komawa ga buhunan nan duk lokacin da muka sami sabon makami. A mako na huɗu in kawo 'yar'uwarta da ba su taɓa gani ba, misali mai sayar da ƙanƙara da wutar lantarki ta ɗauke masa rabin yini, in kasa takardunsu kashi uku: waɗanda lissafi ya kayar, waɗanda karatu ya kayar, da waɗanda suka iya duka biyun amma suka manta da kuɗin dako. Kowane kashi da aikinsa na ranar Alhamis da Juma'a. Takardar shiri ɗaya ce mai cikakkiyar matsala a wata, sauran gajeru ne, kuma in sufeto ya tambayi ina labarin ranar Talata, sai in buɗe masa ta ranar Litinin ta farko.