Raddi ga masu cewa alamar shakka tana ɓata rubutun hira

Akwai wani ra'ayi da ya kama zukatan wasu ɗaliban tarihi masu naɗar muryoyin dattawa a ƙasar Gumel, daga Gagarawa zuwa Sule Tankarkar. Suna cewa idan an zo juya hira daga murya zuwa takarda, kalmar da ba ta fito sosai ba sai mai juyawa ya zaɓi wadda ta fi dacewa ya wuce, ba tare da wata alama ba. Hujjojinsu uku ne, kuma babu wadda ta tsaya da ƙafarta.

Sun ce gwani ba ya buƙatar alama, domin kunnensa ya saba. To, a ɗauka an yi hira da wani dillalin shanu a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, yana ba da labarin farin 1984. Ya ce, "Da shanu sha bi..." sai ƙarar tirela ta haɗiye gaɓar ƙarshe, sannan aka ji "na fita, huɗu suka dawo." Biyu ya ce ko biyar? Duk biyun sun dace da nahawu, duk biyun sun dace da hankali. Gwaninta ba ta da abin yi a nan, domin sautin bai shiga na'urar ba tun farko. Idan mai juyawa ya rubuta "sha biyar" kai tsaye, asarar mutumin ta zama sha ɗaya. Idan "sha biyu" ce, takwas ce. Wani mai bincike zai kwafi adadin a kundinsa yana cewa dillali ne ya faɗa, alhali mai juyawa ne ya zaɓa. Abin da ya dace a rubuta shi ne: sha [biyu/biyar?]. Haka nan idan dattijo ya sako kalmar Manganci ko ta Fulatanci, abin da ba baƙo ba ne a wannan iyaka da Nijar, kunnen Bahaushe yakan ja ta zuwa kalmar Hausa mafi kusa, ya kuma ji kamar ya tabbatar. Gwani ma ya fi kowa faɗawa wannan rami, saboda hasashensa yana fitowa sumul, babu mai zarginsa.

Sun kuma ce wannan bidi'ar Turawa ce. Gaskiya ne masana tsofaffin rubuce-rubuce sun zauna a Leiden a 1931 suka amince da ɗigo a ƙarƙashin harafin da ake shakka, kuma Gail Jefferson ta tsara sa kalmar da ba a tabbatar ba cikin baka a rubutun hira. Amma malaman Hadisi sun riga su da ƙarnoni. Alƙali Iyad, mai Ashafa, wanda ya rasu a 1149, ya yi bayanin irin waɗannan alamomi a littafinsa Al-Ilma'. Ibnus Salah, wanda ya rasu a 1245, ya fayyace su a Muƙaddimarsa: "sahha" a kan kalmar da aka bincika aka tabbatar, da dabba, wata alama mai kama da kan harafin sadi, a kan kalmar da aka ruwaito haka amma akwai matsala a cikinta. Ba su gyara ta da ra'ayinsu ba. Sun bar ta, sun yi mata alama, ko wani na gaba zai gano fuskarta. Abin takaici ne a ce ɗan ƙasar da ake karanta Ashafa a zaurukanta yana kiran wannan amana baƙuwa.

Hujja ta uku ita ce faifan yana nan, mai shakka ya koma ya saurara. Ya koma ina? Rubutun da ba shi da alama ba ya nuna wurin da shakkar take, sai dai mutum ya sake sauraron hirar awa biyu gaba ɗaya. Kaset kuma yana lalacewa da zafi da ƙura, waya tana ɓata, takarda ce ke yawo hannu-hannu.

Inda suke da ɗan gaskiya shi ne shafin da aka cika da alamomi barkatai yana gajiyar da ido. Sai dai laifin na rashin tsari ne: yau alamar tambaya, gobe tauraro, jibi baka, har mai karatu ya kasa bambance tambayar da dattijo ya yi da shakkar mai juyawa. Alamomi uku sun isa. Kalmar da aka hasaso ta shiga baka mai kusurwa da alamar tambaya, kamar [Tumbi?] idan ana zaton tsohuwar hedikwatar masarautar aka ambata. Wurin da ba a ji komai ba a rubuta [ba a ji ba, 14:32], wato minti da daƙiƙa. Abin da aka ji sarai amma ya yi kama da kuskure a bar shi yadda yake, a bi shi da [haka]. A bayyana ukun a shafin farko, kuma idan mutum na biyu ya saurara ya tabbatar da wata kalma, a cire bakan, a rubuta sunansa da kwanan wata a gefen shafi.