Wa ya ce sai shekara bakwai?

A ƙasarmu, da zarar aure ya mutu kuma yaro ya cika shekara bakwai, sai ka ga dangin uba sun iso da ƙafa bibbiyu domin ɗaukarsa, suna cewa haka addini ya tanada. To a wane littafi? Risala da Muhtasar, waɗanda malamanmu na zaure ke biyawa kullum, ba haka suka ce ba. A mazhabar Malikiyya, bayan saki uwa ce ke da haƙƙin reno: namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. In uwa ta auri wanda ba muharramin yaron ba ne, reno ya kan koma ga kaka ta wajen uwa, sannan ƙanwar uwa ko yayarta, tun kafin a zo kan uba. Ci da sha da sutura kuwa suna wuyan uba, ko a ina yaron yake kwana.

Ke nan "shekara bakwai" al'ada ce. Kuma tun da har yau Nijar ba ta da kundin dokar iyali, alƙali kan hukunta irin wannan shari'a bisa al'adar masu ƙara, tare da mashawarta masana al'ada. Sai dai dokar tsarin shari'a ta gindaya masa iyaka: kada al'ada ta saɓa wa yarjejeniyoyin da ƙasa ta amince da su. Ta haƙƙin yara, wadda Nijar ta amince da ita a 1990, ta sa maslahar yaro a gaba.

Maslaha ba magana ce ta fatar baki ba, ana auna ta. Na san wata yarinya mai shekara tara da aka ɗauke daga hannun uwarta a tsakiyar shekarar karatu. Uban direba ne, kwana uku ba ya yi a gida. Kishiyar uwa ta ɗora mata tallar fura, lakol ta tsaya. Alƙalin da ya san aikinsa zai aika a binciki gidajen biyu, ya tambaya: wa ke gida da dare? Wa ke kai ta likita? Za a raba ta da ƙannenta? Ya duba takardun makaranta, ya ji ta bakin yarinyar ba a gaban iyayenta ba. Arzikin uba ba hujja ba ce, tun da yana iya aikawa da shi.

Nan ne ma ake cutar mata. A yanka wa uba jika goma a wata, ya biya sau biyu ya yi shiru. In uwa ta koma ƙara, sai ya ce: "In kin kasa, ba ni ɗiyata." Wato ya hana abinci, sannan ya kafa hujja da yunwar. Ma'aikaci ana iya cire kuɗin daga albashinsa. Ɗan kasuwa kuwa sai alƙali ya sa ranar biya da shaidar karɓa a rubuce, ya kuma lissafta duk watan da aka tsallake a matsayin hujja a kansa ranar da ya zo neman riƙo.