Waƙar talla ce ko kirarin Alhaji?

Don Allah a faɗa mini, wa ya koya wa 'yan kasuwarmu cewa waƙar talla a rediyo wajen wasa kai ce? Ka murɗo Rediyon Jihar Katsina ko Companion FM, ka saurari irin tallar da ƙananan masu shaguna ke biya da guminsu. Kiɗan fiyano ya cika kunne, mawaƙi ya shaƙe murya da na'ura, sai ambaton Alhaji ake: ɗan wane jikan wane, mai hannun kyauta, gagara maƙiya, Allah ja zamaninka. Waƙa ta ƙare. Me yake sayarwa? Oho. Ina shagon yake? Allah masani.

Abin da ke ci mini rai, lissafin ba wuya gare shi ba. Mai ƙaramin shago daƙiƙa talatin yake iya saye. In magana ce a tsanake, kalma sittin zuwa saba'in za ta shiga. In rerawa za a yi, da kiɗa da amshi, da ƙyar arba'in su samu wuri. To a cikin arba'in ɗin nan an ba kirari ashirin, an ba mahassada goma, sauran a zubo lambar waya mai alƙaluma goma sha ɗaya a guje, har layi biyu. Uwargida na tsakar gida hannunta cikin kumfar wanke-wanke, da me za ta rubuta?

Sai batun kwatance. A ce maka "muna nan Ƙofar Marusa", shi ke nan. Haba jama'a! Duk Bakatsine ya san ba ginin ƙofar kaɗai ake kira da sunan ba, unguwa ce guda, kamar Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Durɓi. Cikin ganuwa ne ko waje? Hannun dama ko hagu? Mace ta biya kuɗin Keke Napep, a sauke ta bakin titi, ta yi ta tambaya cikin rana, ƙarshe ta shige shagon maƙwabci ta yi sayayyarta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mu ƙaddara mai sayar da kayan girki ne, ya sa wa shagonsa suna Sai Kin Dawo. Ga abin da ya ishe shi:

Tukwane da kuloli, ga su kusa,
Sai Kin Dawo, Ƙofar Marusa.
Farantan amarya, ba sai an yi nisa,
Sai Kin Dawo, Ƙofar Marusa.

Kalma ashirin da uku ke nan. Kaya sun fito tun kalmar farko, sunan shago da na unguwa sun zo sau biyu a manne da juna, kuma amsa-amon ya faɗa kan Marusa, don ƙarshen ɗango shi ke maƙalewa a kunne. Daƙiƙu goman da suka rage a sassauta kiɗa, mutum ɗaya ya faɗa da baki, ba da waƙa ba: shago mai koren ƙyaure, jikin injin markaɗe, daga safe har magariba. Ina wahalar take?

Kuma a daina rera farashi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya ga yadda kuɗin kaya ke sauyawa tsakanin Juma'a da Juma'a. Ka rera cewa kula naira kaza ce, mako biyu ta tashi, mai saye ya zo ya kira ka maƙaryaci a gaban mutane, kai kuma ba ka da kuɗin komawa situdiyo a sake naɗa.

Masu situdiyon nan sun san duk wannan, wallahi sun sani. Amma sun gane wanda zai zaro kuɗi daga aljihu sunansa yake son ji, don haka shi suke yi wa waƙa, ba mai saye ba. Shi kuma gogan naka ya sa ta a waya yana kunna wa abokai a majalisa, ana ta "kai, ta yi daɗi!" Daɗin me? Ciniki bai ƙaru da ko cokali ɗaya ba, sai ya dawo yana cewa rediyo ba ta da amfani, ko an yi masa baki.

Kafin ka biya ragowar kuɗin mawaƙi, kira ɗan acaba wanda bai san ka ba, kunna masa sau ɗaya tak, ka ce ya faɗi abin da ake sayarwa, sannan ya kai ka wurin. In ya tsaya yana sosa ƙeya, kada ka ba da ko sisi. A koma a sake.