Zazzaɓi ya sauka, amma kwalba ba ta ƙare ba

Takardar da ke cikin kwalin magani da Turanci aka rubuta ta, da ƙananan baƙaƙe, kuma a Zangon Agege yawanci tare da kwalin ake jefar da ita. Bari yau in karanta miki ita da Hausa, da misalin da na fi gani a kanta.

Yaronki ɗan shekara shida ya tashi da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, ko yawu ba ya iya haɗiya. Likita ya duba, ya ce ƙwayar cutar da ake kira sitireptokokus ce, ya rubuta amoksisilin na ruwa, mililita 5 sau uku a rana, kwana 10. A kwana na uku yaro ya miƙe yana neman tuwo, sai ki ɗora kwalbar a kan kwaba. To, a nan matsalar take.

Saukar zazzaɓi na nufin ƙwayoyin sun ragu ne kawai. Akwai saura a maƙogwaro, kuma sauran kwanakin nan bakwai su ne na share su. In aka bar su, ciwon na iya dawowa. Abin da ya fi damuna shi ne wanda kan biyo baya a wasu yara: bayan mako biyu zuwa huɗu, garkuwar jiki da ta tashi yaƙar ƙwayar sai ta juya kan jikin yaron. Gaɓoɓi su kumbura, ciwon na tashi daga gwiwa ya koma idon sawu, wani lokaci ya taɓa ƙofofin zuciya, kuma wannan lahani yakan zauna har girma. Yara 'yan shekara 5 zuwa 15 ya fi kamawa.

Ga lissafin da ba a cika yi ba. Mililita 15 a rana, kwana 10, ya kama mililita 150. Kwalba mai mililita 100 za ta ƙare a kwana na bakwai. Maigida, kwalba biyu za ka saya, ko da mai kemis ya miƙo ɗaya. Kada a dama ta biyun sai ta farko ta ƙare, domin da yawa daga cikinsu kwana bakwai suke yi bayan an zuba ruwa. Da murfin awo za a auna, cokulan gidajenmu ba girmansu ɗaya ba.

In kin manta da na rana, ki ba shi da kin tuna. In lokacin na gaba ya kusa, ki tsallake wancan, kada ki haɗa biyu. Ɗan laushin bayan gida ba ya hana ci gaba. Amma ƙuraje masu ƙaiƙayi, kumburin leɓe ko fuska, ko numfashi da ƙyar, ki dakata nan take ki kai shi asibiti, da kwalbar a hannunki.