Sharhi: Saƙon "Akwai" Ba Ya Sayar da Riɗi a Kuala Lumpur

Akwai wani saƙo da ke fita daga wayoyin ƙananan 'yan kasuwar hatsi na Dawanau zuwa kamfanonin Kuala Lumpur, kuma kusan duk iri ɗaya ne. Gaisuwa mai tsawo, sannan: muna da masara, muna da dawa, muna da gero, riɗi, citta, zoɓo, kowane adadi kuke so akwai. Akwai! Sai mako ya wuce shiru, Alhaji ya ce ai mutanen can ba sa son hulɗa da ɗan Najeriya.

To, Alhaji, ka yi haƙuri, laifin na "akwai" ne. Mutumin da bai taɓa jin sunanka ba, ka ce masa kana da komai, ai ka shaida masa ba ka da komai sai waya. Ya riga ya san dillalan da ba su mallaki buhu ko ɗaya ba, masu ɗaukar hoton sito na wani su ce nasu ne. Da me zai bambanta ka da su?

Kuma "akwai" na fallasa cewa ba ka yi bincike ba. Masarar da Malesiya ke ciyar da kajinta, galibi daga Ajantina da Birazil ake kawo ta, jirgin ruwa guda cur. Kai da tirela ɗaya za ka kara da su? Shinkafa kuwa, kamfanin BERNAS ne ke riƙe da izinin shigo da ita. Saboda haka zaɓi kaya ɗaya, mu ce riɗi, ka nemi kamfanin da ke sarrafa shi, mai matse mai ko mai kayan gashi.

Ga abin da saƙon zai ɗauka, kuma kada ya wuce fuskar waya ɗaya. Farin riɗi, girbin bana. Tsabta kashi 99 cikin ɗari, danshi bai wuce kashi 6 ba, in har abin da gwaji ya nuna ke nan. Kwantena ɗaya mai ƙafa 20, kimanin tan 19, wato buhu 380 mai kilo 50. Sai farashin tan da dala, kuma ka fayyace: farashin nan har a ɗora kaya a jirgi a Legas ne, wanda ake kira FOB, ko har tashar Port Klang ne, wato CFR? Ka faɗi ranar da farashin zai daina aiki, don Naira ba ta zama wuri ɗaya. Ka sa lambar rajistarka ta hukumar NEPC, ka ce kayan zai zo da takardar lafiyar tsirrai daga NAQS, domin mai sayen ma can sai ya bi ta hannun hukumar MAQIS kafin ya fitar da kaya. A ƙarshe ka roƙi abu ɗaya tak: izinin aiko da samfuri, kilo ɗaya, kai za ka biya kuɗin aike.

Kada ka nemi kafin alƙalami a saƙon farko. Ranar da ka ambaci kuɗi kafin ya ga ƙwayar riɗi, ranar ya toshe lambarka. Maganar biya ta banki tana da lokacinta.

Wallahi abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake ɗora wa yaranmu ɗalibai wannan kaya. Yaro na karatu a jami'ar Musulunci da ke Gombak, kawu ya buga masa waya: "Ɗana, samo mana mai saye." Mai sayen me, kawu? "Komai, akwai!" Yaron nan bai san bambancin riɗin Maigatari da na Benuwai ba, ga jarrabawa a gabansa. In da gaske ake, aike shi baje kolin MIHAS da hukumar MATRADE ke shiryawa a Kuala Lumpur, ya karɓo katunan masu saye, ya rubuto sunan jami'in sayayya na kowane kamfani. Wannan zai iya. Ragowar aikin naka ne.

Sannan a duba agogo. Mutanen Malesiya suna gabanmu da awa 7. Ka idar da sallar asuba ka tura, ya same su da rana suna ofis. Ka bari sai ƙarfe 11 da ka buɗe shago, su 6 na yamma ta yi, sun tashi.

In Allah ya sa an amsa, an ce turo samfuri, to ina roƙon ku, 'yan'uwa, a ɗebo daga ainihin buhunan da za a loda, sama da tsakiya da ƙasa. A daina tankaɗe kilo ɗaya a tsince shi da hannu, alhali sauran na ɗauke da yashi da tsakuwa. Mai sayen zai ajiye rabin samfurin nan, ranar da kwantena ta iso ya kwatanta su. In bai dace ba, ko ya zaftare farashi, ko ya bar maka kayanka a Port Klang, kuɗin ajiya na hawa kullum da sunanka.